Motar Alhajin Teburin Mai Shayi

A teburin mai shayi suka haɗu, a wata unguwa cikin Kano. Saurayin ɗan shekara 27 ne, yana sayar da waya a kasuwa, ya shekara uku yana tara kuɗin mota don ya sa ta haya. Mutumin kuwa dattijo ne mai furfura a gemu, da farar shadda da carbi a hannu, ga fara'a kamar gonar auduga. Ranar farko shi ya biya wa kowa kuɗin shayi. Rana ta biyu ya tambayi saurayin sunan garinsu, da ya ji sai ya ce ai a can aka haifi kakarsa. Kafin mako ya zagayo saurayin yana ce masa Alhaji, shi kuma yana ce masa ɗana.

Sai a rana ta takwas maganar mota ta taso, ita ma kamar a bakin hira. Alhajin ya nuna wata Toyota Korola ƙirar 2010, 'yar Amurka, da ya ajiye a gefen titi, ya ce sayar da ita zai yi saboda za a yi wa mai ɗakinsa aiki a asibiti. Saurayin ya san kasuwar irinta, a lokacin ba ta kasa naira miliyan bakwai da rabi. Alhajin ya ce miliyan biyar da rabi.

"Ɗana, ba don kai ba ne da ban sauko haka ba. Na ga kana da hankali, gara ta faɗa hannun ɗan mutunci da dillalai su cinye ni."

Ya buɗe aljihun gaban mota ya fito da takardu a cikin leda, tsaf-tsaf: takardar kwastan, takardar shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota da ta inshora. Kowacce da hatimi. Saurayin ya gwada lambar da ke kan wannan da ta kan waccan, duk suka yi daidai. Zuciyarsa ta kwanta. Suka yi alkawarin ranar Juma'a bayan la'asar za a tura kuɗi a karɓi makulli, domin a cewar Alhajin da safiyar Asabar za a shiga da matar ɗakin tiyata.

A nan saurayin ya yi kuskuren da mafi yawan masu sayen mota suke yi. Ya gwada takarda da takarda. To ai wanda ya zauna ya buga takardun jabu guda biyar, lamba ɗaya zai sa a kansu duka, don haka dacewarsu da juna ba ta tabbatar da komai. Takardar mota tana zama shaida ne idan ta dace da abu biyu da ke wajenta: jikin motar kanta, da kuma rajistar ofishin da aka ce shi ya bayar da ita.

Abin da ya cece shi bai taka kara ya karya ba. Da safiyar Juma'ar mahaifiyarsa ta ce ba za a kawo mota gidan ba sai ƙaninta ya gani. Ƙanin nan nata bakanike ne, ya fi shekara 30 a gareji. Saurayin bai so ba, yana jin kunyar a ce bai yarda da dattijo ba, amma ya lallashi Alhajin suka biya garejin bayan an sauko daga masallaci.

Kawun bai ma tayar da injin ba. Ya karɓi takardu ya karanta sunan da ke kan shaidar mallaka, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, wannan sunanka ne?"

"Na yayana ne, yana Abuja. Shi ya ba ni."

"Madalla. A kira mana shi mu gaisa."

Aka kira, wayar a kashe. Kawun bai ce komai ba, ya zaga wajen gilashin gaba ta ɓangaren direba ya leƙa ɗan faifan da ke ƙasan gilashin, inda ake rubuta lambar casis.

Lambar casis ita ce sunan yankan mota. Haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma babu mota biyu da kamfani ya ba su iri ɗaya. Ba a sa I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0, saboda haka duk takardar da ka ga ɗaya daga cikinsu a lambarta, ko dai an yi kuskuren rubutu ko kuma an yi aika-aika. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, gurbi na goma yana faɗin shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B kuma 2011. Kamfani ba ya sa lambar a wuri ɗaya tak. Tana ƙasan gilashi, tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a motoci da yawa an buga ta a kan ƙarfen bodi, a gidan inji ko ƙarƙashin kujerar gaba, sannan a irin waɗannan motoci tana cikin ƙwaƙwalwar motar, inda na'urar duba mota take iya karanto ta.

Lambar ƙasan gilashin ta dace da takardu, da A a gurbi na goma. Amma kawun ya kira saurayin ya haska masa fitilar waya. Faifan ya ɗan karkace, ga 'yan ƙarce-ƙarce a gefensa, kuma ƙusoshin da suka riƙe shi sun fi sauran wurin sheƙi. Ya buɗe ƙofar direba. Inda takardar kamfani ya kamata ta kasance babu komai sai tabon gam. Alhajin ya ce masu wankin mota ne suka ɓanɓare ta. Kawun ya aiki yaronsa ya ɗauko na'ura, aka jona ta a ƙasan sitiyari. Lambar da ta fito a fuskar na'urar daban take gaba ɗaya, kuma a gurbi na goma 9 ne zaune.

Korolar Amurka ta 2009 da ta 2010 jikinsu ɗaya ne, ido ba ya raba su. Irin wannan kamannin masu wannan sana'a suke nema. Sukan samo motar da ta yi haɗari ta tashi daga aiki, su cire faifan lambarta, su ɗauki bayananta, su ɗora wa wata irinta wadda aka sato ko aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. Gaskiya ne a kan canza wa mota ƙwaƙwalwa idan tata ta ƙone, don haka saɓanin na'ura shi kaɗai ba ya kama ɓarawo. Amma idan ya haɗu da faifan da aka taɓa, da takardar ƙofa da ta ɓace, da mai motar da ba a samunsa a waya, to ruwa ba ya tsami banza.

Takardar kwastan ce ta ƙarasa tona asiri. An rubuta a kanta cewa an biya harajin motar a kan iyakar Seme a shekarar 2019. Kawun ya yi dariya, domin tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai dai ta tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Kan a Legas. Wanda ya buga takardar tsohon samfuri ya kwaikwaya, ya canza shekara, bai lura ba.

"Alhaji," in ji kawun, "mota ta yi kyau. A bar ta zuwa Litinin, mu je ofishin kwastan tare a duba lambar takardar, mu biya ta ofishin lasin, sai a ƙirga maka kuɗinka."

Nan take fara'ar ta gushe. Alhajin ya ce an ci masa mutunci, shi da ya ɗauki yaro kamar ɗan cikinsa. Ya ce akwai mai jiransa da miliyan shida a hannu. Daga nan ya sauko da murya ya ce a ba shi ko dubu ɗari biyar kafin alƙalami saboda asibiti. Da ya ga babu fuska ya shiga motar ya ja. Da magariba wayarsa ta daina shiga, teburin mai shayi kuma bai sake ganinsa ba.

Zaɓen yammacin Juma'a ba banza ba ne. Ofisoshin da za su ƙaryata takardun sun tashi, ba za a buɗe ba sai Litinin, lokacin kuɗi sun riga sun bi ta asusu biyu ko uku. Mako gudan da aka yi ana shan shayi shi ma cikin aikin yake: ana gina kunya ne, yadda idan an zo ciniki mai saye zai ji nauyin yi wa dattijo tambaya. Ragin miliyan biyu kuwa shi ne tsabar da ake watsa wa kaza.

Da cinikin ya faɗa, ga abin da zai tarar. Idan motar sata ce, ranar da aka gane ta za a karɓe ta a mayar wa mai ita, shi kuma sai ya wanke kansa a wajen 'yan sanda, domin karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka, kuma araha mai yawa tana cikin abin da za a tuhume shi da shi. Idan ta fasa-ƙwauri ce, jami'an kwastan suna iya ƙwace ta a kan hanya, ko da mutum uku ta wuce kafin ta iso hannunsa.

Tantancewar ba ta da wuya. Takardar kwastan tana ɗauke da lamba da shekara da sunan ofishin da aka biya haraji, da su ake dubawa a wajen kwastan a ga ko akwai ta, kuma ko ta wannan motar ce. Lambar da ke gaban mota da bayanta ana iya duba ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, nvis.frsc.gov.ng, sai dai a sani cewa shafin irin motar da aka ba lambar yake nunawa, don haka lambar da aka kwafo daga wata Korolar za ta wuce lafiya. Shi ya sa ba a tsayawa a nan. Sai mai sunan da ke kan takarda ya bayyana da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar casis a ciki, shaidu su sa hannu, a tura kuɗi asusun da ke ɗauke da wannan sunan dai, sannan a je ofishin lasin a yi canjin mallaka.

Mai mota na gaskiya ba ya tsoron Litinin. Duk wanda ya ce maka lallai yau za a gama, kuma ya ɓata rai don ka nemi a duba, ka yi masa fatan alheri ka riƙe kuɗinka. Ka tafi da bakanikenka, ka karanta lambar a jikin mota da idonka, kada ka tura ko kwabo sai ofishin da ya bayar da takarda ya ce tasa ce.