Ranar Da Kwaɓi Ya Ƙi Tashi

Wata safiya cikin watan Janairu, hunturu ya kankama a Kano, ƙanwata ta kira ni a waya rai a ɓace. Ta kwaɓa fulawa kilo guda tun bayan asuba za ta gasa wa yara burodi, ga shi hantsi ya dubi ludayi, kwaɓin yana nan kwance a roba kamar yadda ta bar shi. "Yaya," in ji ta, "yis ɗin nan da na saya na jabu ne, ko kuma gishiri ne ya kashe shi." Na tambaye ta da wane ruwa ta kwaɓa. Ta ce ganin sanyin da ake yi, sai ta tsiyayi na filas, wanda ta dafa don shayi.

A nan gizo ke saƙar. Duk wanda kwaɓi ya ƙi masa tashi, yis yake fara zargi, sannan gishiri. Ni kuwa a abin da na gani, ruwa ya fi su yawan laifi, kuma shi ne ba a cika tuhuma ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar yis tamkar kanwa ko bekin hoda, wato gari ne da ake barbaɗawa ya yi aikinsa. Yis kuwa abu ne mai rai, ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, dangin naman gwari. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna a wajajen 1857 cewa tsimuwa aikin halittu ne masu rai. Tsabar da muke saya a leda yis ne da aka busar, yana barci. In ya sami ruwa sai ya farka, ya ci sukarin da ke cikin kwaɓi, ya riƙa fitar da iska da ɗan abin maye wanda ke tashi a wuta lokacin gashi. Iskar ce ke kumbura kwaɓi, amma sai da abin da zai riƙe ta. Wannan aikin danƙon alkama ne, wanda ke samuwa idan aka jiƙa fulawa aka murza ta sosai, ya zama kamar balan-balan dubbai a cikin curi. Shi ya sa garin gero ko na dawa ba sa yin burodi, komai yawan yis ɗin da aka zuba musu: iskar tana fitowa, babu mai tare ta.

Tunda mai rai ne, yana da zafin da yake so da wanda ke halaka shi. Ya fi jin daɗin aiki idan kwaɓi yana tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan da ake jiƙa busasshen yis da shi kuwa ana so ya kai kamar digiri 38 zuwa 43, wato ɗumi-ɗumi irin na wankan jariri. Daga digiri 50 ya fara jigata, kafin a kai 60 ya mutu. Ruwan filas da aka tafasa da asuba yana iya wuce digiri 70 bayan awanni. To, ƙanwata ta juye shi kai tsaye a kan yis ɗinta, ta dafa shi tun kafin ya farka. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, ya tsoma yatsa ya ƙirga goma. In ya ji yana son cirewa, ruwan ya yi zafi. In da kyar yake jin ɗumin, ya yi daidai. Akwai kuma dabarar haɗi: kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a cikin kofi uku na ruwan randa mai sanyi yana ba da wajen digiri 40.

Sanyi kuwa ba ya kashe yis, sa shi lalaci yake yi. Masu gidajen burodi suna da ƙiyasin cewa duk saukar zafi da kamar digiri 8 ko 9 tana ninka lokacin tashi. Ke nan kwaɓin da zai tashi cikin awa ɗaya da rabi a digiri 27 zai nemi awa uku a digiri 18. Mace ta saba da kwaɓinta na fanke ko alkubus yana cika roba cikin awa guda a watan Afrilu, sai Disamba ta zo ta ga awa biyu shiru, ta zubar. Da ta ƙara haƙuri, ko ta ɗora robar a kan tukunya mai ruwan ɗumi, da ya tashi.

Akwai lissafin da masu sana'ar ke yi don kada yanayi ya yi musu wasa da hankali, kuma ba shi da wuya. A ninka zafin da ake so kwaɓi ya kasance sau uku, sannan a cire zafin ɗaki, da na fulawa, da ɗan zafin da murza ke ƙarawa, wanda a hannu bai wuce digiri 3 ba. Abin da ya rage shi ne zafin ruwan. Mu ce ana son digiri 26. Sau uku ya zama 78. Da safiyar hunturu ɗaki yana 18, fulawa tana 18, murza 3, jimla 39. A cire 39 daga 78, saura 39: ruwan ɗumi ke nan. Yanzu a kawo rana tsaka a bazara, ɗaki yana 36, fulawa 34, murza 3, jimla 73. Saura 5. Wato ruwan ƙanƙara ake bukata! Wannan yakan ba mutane mamaki, domin an haddace cewa yis da ruwan ɗumi ake kwaɓa shi. Amma a garin da zafi ke haura digiri 40, ga ruwan baƙin tanki da ya sha rana a kan rufi, ƙara ɗumi ɓarna ce. Sai dai kada a zuba ruwan ƙanƙara a kan busasshen yis kai tsaye, don sanyi yana raunata shi a daidai lokacin da yake shan ruwa. A fara jiƙa shi a ɗan ruwan ɗumi, sauran ruwan ya zama mai sanyi.

Abin da zafi ke jawowa shi ne kwaɓi ya tashi da gaggawa, ya zarce, danƙon ya gaji, ya sacce. Wanda ya fita unguwa ya dawo sai ya tarar da shi a kwance ya ce bai tashi ba, alhali ya tashi ya faɗo ne. Ana ganewa: za a ga alamar inda ya kai a jikin roba, yana warin tsami, yana kama hannu, in an yanka ciki duk ramuka. Wanda bai tashi ba sam kuwa cunkus yake, babu rami, ƙamshin ɗanyar fulawa kawai.

Sai batun gishiri, inda nake ganin an yi wa magana ƙari. Gaskiya ne gishiri yana takura wa yis. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir ta ga yadda yake zuƙo ruwansu waje. Haka yake yi wa ƙwayar yis. Amma busasshen gishiri ya taɓa busasshen yis a cikin fulawa na ɗan lokaci ba ya yin komai, domin babu ruwan da zai narkar da shi. Haɗarin yana inda aka zuba gishirin duka a cikin ɗan kofin da ake jiƙa yis, aka bar su tare. Giram 20 na gishiri a rabin kofin ruwa ya ninka zartsin ruwan teku sau da yawa. Giram 20 ɗin nan a cikin kilo guda na fulawa da ruwanta kuwa ba wani abu ba ne. Don haka a gauraya gishiri da fulawa tukuna ya bazu, sannan a kawo yis.

Abin da ya fi wurin zubawa muhimmanci shi ne yawa. Ƙa'idar ita ce kashi 2 cikin ɗari na nauyin fulawa: giram 20 a kilo ɗaya, wato cokalin shayi uku a shafe da ɗan ɗori. Wanda ya ɗauki babban cokali a maimakon ƙarami ya zuba uku, ya kai giram 50 da wani abu, kuma kwaɓinsa zai yi ta jan ƙafa har a gaji da jira. Ɗanɗana ɗan gutsure zai faɗa maka. Cire gishirin gaba ɗaya ma ba mafita ba ne, domin shi ke ja wa yis linzami, yana kuma ƙarfafa danƙon. Burodin da babu gishiri yakan tashi da wuri, ya yi saki, ya fito lami.

Sukari ma zuƙar ruwa yake yi, kuma wannan ya shafe mu, tunda burodinmu na shayi mai zaƙi ne. Kaɗan abinci ne ga yis, amma in ya haura kashi 10 cikin ɗari na fulawa, wato giram 100 a kilo, sai ya fara danne shi. Shi ya sa kamfanoni ke yin yis na musamman don kwaɓi mai zaƙi, kuma sukan rubuta haka a jikin fakiti. Wanda ba shi da irinsa ya ƙara yawan yis kaɗan, ya ƙara lokaci.

Ban wanke yis daga laifi ɗungurungum ba. Irin wanda ake zubawa kai tsaye cikin fulawa, wanda kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da shi a 1973, yana zuwa ne a fakitin da aka zuƙe wa iska, shi ya sa yake da tauri kamar bulo. Da an farke shi, iska da laima da zafi sun fara cin ƙarfinsa. Mai shago ya buɗe babban fakiti ya ƙuƙƙulla a ƙananan ledoji, su yi makonni a rataye cikin zafi, to sai abin da hali ya yi. Gwajinsa minti goma ne: rabin kofin ruwan ɗumi, cokalin shayi ɗaya na sukari, cokali biyu na yis, a motsa a ajiye. In ya yi kumfa ya taso yana ƙamshi, da ransa. In tsabar ta kwanta a ƙasa ruwa ya tsaya cik, a sayo wani. Ragowar fakiti a sa a kwalba mai murfi, a firji in akwai, in babu a wuri mafi sanyi a ɗaki.

Wannan gwajin na sa ƙanwata ta yi da ragowar yis ɗinta. Kafin minti goma kumfa ta kusa bakin kofi, mai shago ya fita daga zargi. Kwaɓin ma ba mu zubar ba. Ta jiƙa sabon yis giram 10, kamar cokalin shayi uku, a ɗan ruwan ɗumi, ta dama da fulawa kaɗan ya yi kauri, ta shimfiɗa tsohon curin ta shafe shi da shi, ta murza har ya haɗe. Ta shafa masa mai, ta rufe bakin robar da leda, domin iskar hunturu tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawon da ke hana shi buɗewa. Sannan ta ɗora robar a kan tukunyar ruwan ɗumi. Na ce kada ta bi agogo, ta bi yatsa: ta danna a hankali, in ramin ya ciko nan take da saura, in ya ciko sannu-sannu ya bar ɗan gurbi ya isa, in ya lotsa bai dawo ba ya zarce. Bayan azahar ta aiko da hoton curin ya ninka, ledar ta yi tozo a kansa, tana tambaya ko ta kunna wuta.