Walda Tana Ja: Yadda Ake Haɗa Ƙarfen Taga Bai Karkace Ba

Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan rana. An kawo ƙarfen taga daga wurin mai walda, fenti yana sheƙi, magini ya ɗaga shi ya kai bakin tagar, sai kusurwa uku su zauna, ta huɗun ta tsaya a iska. Magini ya ce mai walda ne bai iya awo ba, mai walda ya ce bangon ne a karkace. Sau da yawa awon daidai yake, bangon ma lafiyarsa lau. Wuta ce ta ja ƙarfen tun yana ƙasa a shago, ba wanda ya lura.

Dalilin yana cikin halin ƙarfe. Idan ya yi zafi yana miƙewa: ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙara tsawo da kamar milimita 1.2. A bakin sandar walda kuwa ƙarfen narkewa yake yi, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. Wurin da ya yi ja yana son ya buɗe, amma sanyayyen ƙarfen da ke kewaye da shi ya hana shi. Da yake ya yi laushi, sai ya matse a inda yake. In ya huce sai ya tsuke, ya koma gajere fiye da yadda yake tun farko, ya jawo na kusa da shi. Kamar ɗanyar fata ce da aka ɗaure a bakin ganga: tana bushewa tana ja. Shi ya sa ƙarfe kullum yake sunkuyawa ya bi gefen da aka yi wa walda. Babu gwanin da zai hana wannan ja. Abin da gwani yake yi shi ne ya rage shi, sannan ya sa wani ja ya kashe wani.

Bututu mai kusurwa huɗu, wanda masu sana'ar ke kira sukwaya fayif, ya fi rodi saurin nuna wannan hali, domin cikinsa rami ne, bangonsa kuma siriri. Mai inci ɗaya, wato milimita 25, da ake yawan yin firam ɗin taga da shi, kaurin bangonsa kan tsaya tsakanin milimita 1 da 2. Ni dai ba na son ƙasa da 1.5 a aikin da aka yi don tsare gida. Mai araha yana hudewa da an kusanto da wuta, sai a koma cike rami, kuma duk cikon rami ƙarin zafi ne, ƙarin ja.

Mu ɗauki taga guda mu bi ta daga farko. Tsayinta santimita 120, faɗinta 90, kusan abin da magina ke cewa ƙafa huɗu da ƙafa uku. Za a yanka fayif huɗu, biyu dogaye, biyu gajeru. Kafin komai, a jera dogayen biyu a ga bakinsu ya zo ɗaya, haka ma gajerun. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa da milimita 3, babu dabarar walda da za ta gyara shi. A yanka bakin kowanne a jirge, digiri 45, don in an haɗa su rufe juna, ruwan sama kada ya sami ƙofar shiga. Bakin ya haɗu sosai, ko ya bar ɗan tsagi da bai kai milimita 1 ba. Gaɓar da ta yi hamma sai an zuba mata narkakken ƙarfe da yawa, ita ce kuma za ta fi sauran ja.

Sai wurin ɗorawa, kuma a nan ne shagunan bakin titi da yawa suke faɗuwa tun ba a kunna janareta ba. Ana shimfiɗa aiki a kan ƙasa mai tudu da kwari, a taka da ƙafa, a ɗiga wuta. Firam ɗin da aka haɗa a kan wuri murɗaɗɗe murɗewa zai yi ko da zafi bai ja shi ba. In babu teburin ƙarfe, a samu miƙaƙƙun ƙarafa biyu masu kauri, a daidaita su da ma'aunin ruwa irin na magina, a ɗora aikin a kansu, a matse kowane fayif da abin matsewa.

Ba a fara da cikakkiyar walda. Ana fara da ɗigo, ƙanƙani kamar ƙwayar dawa, ɗaya a kowace kusurwa. Sandar da ta dace da wannan siririn bango ita ce mai kaurin milimita 2.5, wadda ake kira geji 12, irin mai lamba 6013 da ta cika kasuwa. Wutar a tsaida ta wajen amfiya 60 zuwa 80, a gwada a kan guntun da ya rage daga yankan kafin a taɓa aikin gaske. Mai geji 10 ta fi kauri, tana son wuta mai yawa, gara a bar ta ga aikin ƙofa da ƙarfe mai nauyi.

Da an ɗiga kusurwa huɗu, sai a ajiye sanda a ɗauki tef. A auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan a auna ɗaya giciyen. A tagarmu mai 120 da 90, kowane giciye dole ya ba da 150 cif. A ce na farko ya ba da 150.6, na biyu 149.4. Mai gaggawa zai ce ai ba komai, ɗan kaɗan ne. Amma wannan bambanci na milimita 12 yana nufin saman firam ɗin ya goce gefe da kusan santimita 1, kuma magini zai gani. Gyaran a wannan mataki ba shi da wuya ko kaɗan. A tsaida firam ɗin a kan ɗaya daga kusurwoyin dogon giciyen, a danna ta saman a hankali, ɗigon zai ba da kai. A sake aunawa har su zo ɗaya, ko bambancin ya sauko ƙasa da milimita 2. Sannan a ƙara ɗigo na biyu a kowace kusurwa, a juya aikin a ɗiga bayansa. Wasu kan ɗiga wani guntun ƙarfe a giciye ya riƙe firam ɗin na ɗan lokaci, a cire shi in an gama. Dabara ce mai kyau, musamman ga babbar taga.

Akwai karkatar da tef ba ya kamawa, wato murɗewa, irin wadda ta bar kusurwa ta huɗu a iska. Zare ne ke tona ta. A ja zare biyu a kan giciyen nan biyu. Idan firam ɗin a shimfiɗe yake, zaren za su ɗan taɓa juna a tsakiya. In ɗaya ya tashi ya bar ɗan'uwansa, akwai murɗa. In kuma suna danne juna, a sauya na sama ya koma ƙasa a sake dubawa.

Yanzu cikakkiyar walda. Kowace kusurwa tana da gaɓa huɗu: gaba, baya, waje da ciki. Kuskuren da yaron shago ya fi yi shi ne ya zauna a kusurwa ɗaya ya zagaye ta gaba ɗaya, don yana ganin ya gama da ita ke nan. Zafi duk ya taru wuri guda, kusurwar ta tsuke, ta ja sauran ukun da ɗigo kawai ke riƙe da su. Abin da ya kamata shi ne a yi gaɓa ɗaya, a tsallaka kusurwar da ke fuskantarta a giciye a yi irinta, sannan sauran biyun. A juya firam ɗin, a mayar da matsi, a bi bayan da tsari iri ɗaya, don jan baya ya kashe jan gaba. Gaɓar ciki ita ce mai ƙarfin ja, domin lungu ne da ke shan ƙarfe da yawa, kuma janta rufe kusurwar yake yi ta koma ƙasa da digiri 90. A bar ta sai ƙarshe, lokacin da sauran gaɓoɓin suka riga suka ƙulle kusurwar, kuma a yi ta siririya. Tsakanin zagaye da zagaye a dakata har sai ana iya kusanto da hannu, a sake sa tef.

Sandunan tsakiya su ne suka fi ɓata aikin da ya fara da kyau. Cikin firam ɗinmu faɗinsa santimita 85 ne. Rodi bakwai masu milimita 12 za su bar tazarar kamar santimita 9.6 tsakaninsu. Walda goma sha huɗu ke nan, bakwai a sama, bakwai a ƙasa. Idan aka ɗora rodin a kan fuskar firam aka bi su a jere daga hagu zuwa dama, jan duka ya taru a fuska ɗaya, firam ɗin ya lanƙwashe kamar faranti. In kuma aka yanka rodin ya gaza tsawo aka cike giɓin da walda, sai ya jawo sama da ƙasa su shigo ciki. Don haka a yanka su cif da cikin firam, santimita 115, su shiga da ɗan turawa ba tare da guduma ba, su zauna a tsakiyar faɗin fayif ɗin. A ɗiga duka bakwai tukuna. Wajen cikawa a yi tsalle: na huɗu, na ɗaya, na shida, na uku, na bakwai, na biyu, na biyar, ana sauya sama da ƙasa, a yi rabin zagayen rodi ta gaba, a juya a yi rabin ta baya. Bakin sandar ya fi karkata ga rodin, tunda shi ne mai kauri. Wutar da ke gefensa ta isa ta kama siririn bangon fayif ba tare da ta huda shi ba.

Tunda ana zancen sanduna, akwai abin da ba zan iya wucewa ba. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mai gida fita ranar gobara. A ɗakin kwana, a sa mai walda ya yi wa aƙalla taga ɗaya ɓangare mai buɗewa daga ciki, makullin kuma ya zauna inda kowa a ɗakin ya sani.

An gama, aiki yana zafi, mai shi yana tsaye yana jira. A nan ne ake ɗauko bokiti a watsa ruwa. Kada a yi. Ruwan yana sanyaya wani gefe ya bar wani, kuma yana iya sa gaɓa ta yi tauri ta tsage daga baya. A bar shi a matse har ya huce da kansa, sannan a kwance. Wanda ya kwance matsi da zafi ya saki ƙarfen a daidai lokacin da yake ja.

Idan duk da haka wani gefe ya ɗan yi doro, a ɗora shi a kan katako biyu, doron yana sama, a sa guntun katako a kai a buga a hankali, don guduma tsirara lotsa fayif take yi. Masu gogewa kan gasa ɗan wuri a kan doron kansa, su bar shi ya huce, sai tsukewar ta jawo shi ya miƙe. Wajen goge gaɓa da injin gurza, a share tudun kawai, domin bangon milimita 1.5 ba shi da naman da za a ci. Kafin a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a sake sa tef a giciye biyun, a sake jan zaren, mai aikin yana kallo.