Gumin bazara: wane man hammata ne ke tsayar da shi, wane ne ke kashe wari kawai?

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a yankin Andarai da Maiyama da Aliero yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A lokacin ne cinikin rolon da turaren fesawa ke tashi a kasuwar Jega, a lokacin ne kuma ake yawan ƙorafin cewa kayan jabu ne. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, mai saye ne ya ɗauki abin da ba a yi shi domin matsalarsa ba.

Gumi shi kansa ba ya wari. Mafi yawansa ruwa ne da ɗan gishiri, yana fitowa daga ƙananan ƙofofi miliyan 2 zuwa 4 da ke warwatse a fata. Sai dai a hammata akwai wasu ƙofofin daban da ke fara aiki idan mutum ya balaga, suna fitar da ruwa mai ɗan maiƙo. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a wurin su ke cin wannan maiƙo, abin da suka bari shi ne warin.

Man hammata iri biyu ne, diyodoran da antifasfiran. Diyodoran da waɗannan ƙwayoyin yake faɗa: sinadarin da ke cikinsa ya rage su, ƙamshinsa ya rufe saura. Bai taɓa gumin ba ko kaɗan. Shi kuwa antifasfiran gishirin alminiyam ne a cikinsa. Idan ya haɗu da ɗan danshin da ke bakin ƙofar gumi sai ya daskare ya toshe ta na ɗan lokaci, har fata ta sabunta ta ture shi. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ba ta yarda a kira abu antifasfiran sai ya rage gumi da aƙalla kashi 20 cikin 100. Ragewa ce ke nan, babu alkawarin bushewa ƙaƙas. Siffar kwalba ba ta nuna komai, domin kowannensu yana zuwa a rolon yana zuwa a fesawa. A juya bayan kwalbar a duba jerin sinadarai. In babu alminiyam, diyodoran ne. A duba lambar hukumar NAFDAC tun da an juya.

Mu ɗauki ɗan kasuwar albasa da ke tashi daga Andarai a babur da safe, ya wuni a rana yana ciniki, kafin azahar rigarsa ta jiƙe sharkaf a hammata. Antifasfiran ne nasa, amma in ya shafa da safe bayan wanka, jikinsa da sauran lema, ya hau babur, gumi zai wanke shi kafin ya kama. Da dare ake shafawa, lokacin da ƙofofin suka lafa. Ya yi wanka bayan isha'i, ya goge hammata ta bushe sarai, ya shafa kaɗan, goga biyu ya isa, ya bari ya sha iska kafin ya sa riga. Man yana bukatar awa 6 zuwa 8 a jiki. Wankan asuba ba zai cire shi ba, domin toshin yana cikin ƙofar. Wahalar ita ce daren Afrilu ma gumi ake yi, don haka sai ya jira ya kwanta a tsakar gida iska ta buge shi, ko ya yi fifita, kafin ya shafa. Ya yi haka kullum kamar mako guda, daga nan ya gwada tsallake dare ɗaya ko biyu.

Kada ya shafa ranar da ya aske gashin hammata, ko a kan ƙurajen zafi, don zai yi raɗaɗi da ƙaiƙayi. Rawayan tabon da ke fitowa a hammatar farar shadda kuwa haɗuwar alminiyam da gumi ce, kuma yawan laftawa ke ƙara shi.

Wasu na tsoron toshe gumi zai hana jiki hucewa. Hammata ɗan yanki ne, baya da ƙirji da goshi suna nan suna aikinsu. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba a shafe jiki duka da antifasfiran. Bincike bai tabbatar da zancen yana jawo kansar mama ba, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

Alimun da mata da yawa ke gogawa yana rage wari, tasirinsa a kan gumi kaɗan ne. Lemun tsami kuwa, a ganina, a bar shi ga kunu: yana cin fata.

Wanda gumi ke zubo masa ko da sanyin hunturu, har tafin hannunsa na ɗiga, akwai antifasfiran mai ƙarfi da ake samu a kantin magani, mai alminiyam kulorayid kusan kashi 20 cikin 100, da shawarar likita. Idan kuma gumin sabo ne, yana jiƙa shimfiɗa da dare tare da tari ko zazzaɓi ko rama, asibiti za a nufa a yi gwajin tarin fuka da sauransu.