Tace Sanarwa Kafin Ta Isa Ga Manomi

A ce ma'aikacin gona a Ɗanbatta ya rubuta wa manoman masara wannan daftari: "Bisa la'akari da muhimmancin noma, ana jan hankalin masu ruwa da tsaki da su tabbatar da aiwatar da tof-diresin na naitirojin a kan kari."

Mai tacewa zai fara da tambaya: wa zai yi me, kuma yaushe? Farkon jimlar bai amsa ko ɗaya ba, don haka ciko ne, a goge shi. "Masu ruwa da tsaki" manoma ne, a kira su da sunansu. "Tof-diresin" kuwa zubin taki na biyu ne. "A kan kari" bai faɗi lokaci ba.

Sai sanarwar ta koma: "Manoman masara, ku zuba takin yuriya mako biyar zuwa shida bayan shuka, lokacin da ƙasa ke da danshi, ku rufe shi."

An bar kalmar "yuriya", domin da ita manomi zai nemi takin a kasuwa. Daga ƙarshe a karanta wa wani manomi. In ya kasa faɗin abin da zai yi, da sauran gyara.