Yadda Rawar Hannu Ke Ƙara Wa Hoto Kyau

Kowane ɗigo a idon kyamarar waya launi ɗaya yake gani: ja, kore ko shuɗi. Sauran biyun ƙiyasta su ake yi daga ɗigogin maƙwabta, kuma a nan ƙananan rubutu ke dushewa.

A 2018 Google ya fito da Super Res Zoom a wayar Pixel 3. Wayar kan ɗauki hotuna da yawa a jere. Da yake hannu yana ɗan rawa, kowane hoto kan goce kaɗan, har wurin da ɗigon ja ya gani ya faɗa kan kore a hoto na gaba. Idan aka daidaita su aka haɗe, abin da aka auna ya maye gurbin ƙiyasi.

Amma abu mai motsi, kamar ganye cikin iska, yakan fito da inuwa biyu idan daidaitawar ta kuskure.