Sabuwar Waƙa a Majami'a: Yadda Ake Saukar da Ita Daidai Muryar Jama'a

A majami'u da yawa na ƙasar Hausa, sabuwar waƙa takan shigo ne ta waya. Wani daga cikin mawaƙa ya ji ta, ta burge shi, ya kai wa malamin waƙa, aka koya a daren gwaji. Ranar Lahadi ƙungiyar mawaƙa ta rera ta da kyau, amma da aka ce jama'a su karɓa, sai aya ta fari ta tafi lami lafiya, ana isa korus rabin majami'a ya yi tsit. Nan da nan sai a ce mutane ba su iya waƙar ba tukuna, ko kuma ba su da himma. Sau da yawa ba haka ba ne. An ɗora waƙar ne a inda maƙogwaronsu ba ya kaiwa.

Kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta a kansa, wanda masu sol-fa ke kira do. Inda aka ajiye wannan do a kan kibod shi ne abin da makaɗa ke kira ki. Idan do ya zauna a kan F, waƙar tana ki na F ke nan, idan aka matsar da shi zuwa G, duk waƙar ta ɗaga sama gaba ɗaya. Karin waƙar ba ya canzawa ko kaɗan, hawa da saukar da ke bin kalmomin Hausa suna nan yadda suke, kuma wanda ya san ta zai gane ta nan take. Abin da ya canza kawai shi ne yawan aikin da aka ba maƙogwaro.

Ana auna wannan matsawa da taki. Daga maɓalli ɗaya na kibod zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi, taki ɗaya ke nan. Daga do zuwa do na sama akwai taki 12. Mawaƙin da ya horu yana iya ratsa taki 24 ko fiye, amma taron jama'a, inda akwai tsofaffi da yara da masu mura da wanda bai buɗe baki ba tun da ya tashi barci, filinsa bai kai haka ba. Abin da masu tsara littattafan waƙoƙi suka fi yarda da shi shi ne, inda kowa ke sakewa yana tsakanin C na tsakiyar kibod da C na samansa. Ana iya leƙawa sama zuwa D, a sauka ƙasa zuwa Bb ko A, ba tare da an wahalar da mutane ba. Daga E na sama zuwa F kuwa, an shiga gonar 'yan kwaya. Wannan awo na muryar mata da yara ne. Maza suna rera waƙar da taki 12 a ƙasa da haka ba tare da sun ma lura ba, don haka iyakar ɗaya ce gare su: abin da ya ƙure mata a sama, su ma zai ƙure su.

Me ya sa waƙoƙi ke zuwa a sama haka? Tsofaffin waƙoƙin sujada na Turai, waɗanda aka fassara da yawa daga cikinsu zuwa Hausa, an rubuta su ne don murya huɗu, kuma karin waƙar yana hannun murya ta ɗaya, wadda ta fi kowa tsini. Dole a ɗaga ta domin murya ta huɗu ta sami wurin zama a ƙasa. Karin da ake kira Nicaea, wanda John Bacchus Dykes ya tsara a 1861, misali ne: tsofaffin littattafai sun buga shi a Eb, amma littattafai da yawa na baya-bayan nan sun sauke shi zuwa D, don dai sautin ƙoli ya dawo inda jama'a ke kaiwa. Waƙoƙin zamani kuma matsalarsu daban ce. Mai waƙar da ya shiga situdiyo yakan zaɓi ki ɗin da muryarsa ta fi ƙara da armashi, wato kusa da ƙarshen ƙarfinsa. Ya yi daidai, domin faifansa ne. Kuskuren na mai kwaso wannan ki ne ya kawo wa mutum ɗari uku da ƙarfe takwas na safe.

Aikin farko ga malamin waƙa shi ne ya nemo sauti biyu: wanda ya fi ƙasa a duk waƙar da wanda ya fi sama. Mu ɗauki wata sabuwar waƙa da aka ji a faifai tana ki na A. Ayoyinta suna farawa daga so na ƙasan do, korus kuma yana hawa har la na sama. Daga so na ƙasa zuwa do taki 5 ne, daga do zuwa la taki 9, jimla 14. Wannan faɗi ne mai kyau, jama'a za su iya ɗauka, in dai an ajiye shi a wurin da ya dace. A ki na A, sautin ƙasa E ne, na sama kuma F#, wanda ya zarce iyakar D da taki 4. Ba makawa korus zai zubar da mutane.

Sai a riƙa sauke ta ana dubawa. A ki na G, waƙar za ta tashi daga D zuwa E na sama, har yanzu ta ɗan yi tsayi. A ki na F, daga C na tsakiya zuwa D na sama, ta shigo fili. A ki na Eb, daga Bb na ƙasa zuwa C na sama, ita ma tana ciki. A ki na D kuwa ta gangara har A na ƙasa, inda muryar mata da yawa ke fara dusashewa. Zaɓi ya rage tsakanin F da Eb.

Abin da zai raba gardama shi ne inda waƙar ta fi daɗewa. Cicciɓa bokitin ruwa zuwa ka daban ne da tsayawa riƙe da shi a sama hannu miƙe. Idan wannan la ɗin sau ɗaya ake taɓa shi a wuce, kuma an hau zuwa gare shi a hankali, F ya isa, har ma zai ba waƙar haske. Idan kuwa korus yana zaune ne a kan so da la, ana jan su, ana maimaitawa sau huɗu ko biyar kamar yadda aka saba a wurinmu, to a F mutane za su shafe mintuna suna rataye a C da D na sama. Kafin aya ta uku sun gaji. A nan Eb ne amsa. Harafin da ya faɗa kan sautin ƙoli ma yana da tasiri: kalmar da ta ƙare da "a" tana buɗe baki, ta fi sauƙin ja a sama fiye da wadda ta ƙare da "i" ko "u".

Mai kibod zai iya cewa hannunsa bai saba da Eb ba. Wannan ba hujja ba ce, domin kusan kowane kibod na zamani yana da maɓallin Transpose. Sai ya kaɗa yadda ya saba a F, ya sa Transpose a kan -2, abin da zai fito Eb ne. Abu biyu kawai zai kiyaye: ya gaya wa mai jita da mai bas ainihin ki ɗin da ke fita, kuma ya mayar da lambar zuwa 0 da zarar an gama, in ba haka ba waƙa ta gaba za ta gaji saukin da ba nata ba. Idan kuma ana son a ɗaga waƙar a aya ta ƙarshe don ƙara mata zafi, sai a bar wa hakan wuri tun farko. Daga Eb zuwa E, ƙolin zai tsaya a C#, ba laifi. Wanda ya fara a F ya ɗaga sau biyu, ya koma G ɗin da aka guda.

A majami'un ƙauye da taron Zumuntar Mata, inda ganga da tulu da kacau-kacau ne ke aiki, ki yana bakin mai ba da waƙa. Tarkon a nan shi ne waƙar da ke farawa daga sautinta na ƙasa, irin wadda muka duba. Mai bayarwa takan ɗauko ta daga tsakiyar muryarta inda ta fi jin daɗi, ta manta akwai hawan taki 14 a gaba. Maganin shi ne ta fara raira wurin da ya fi tsayi a cikin ranta ko ƙasa-ƙasa, ta ajiye shi inda ba ta yunƙuri, sannan ta gangaro daga can ta sami mafarin waƙar.

Lissafi yana nuna hanya, amma kunne ne ke yanke hukunci, kuma bai kamata a yi gwajin da 'yan kwaya kaɗai ba. A kira mutum biyar ko shida da ba sa cikin ƙungiyar, a haɗa da dattijo da dattijuwa da matashi, su rera ta daga farko har ƙarshe a ki biyun. Ranar sujada kuma wani ya zauna a bencin baya, a rage ƙarar lasifika, domin ita ce ke ɓoye shirun jama'a. Idan waƙa ta yi sama, za a ga haɓa tana ɗagawa, jijiyar wuya ta fito, maza su faɗo ƙasa kwatsam a tsakiyar layi ko su koma tafi kawai, muryar taron kuma ta riƙa zamewa ƙasa da kibod. Idan ta yi ƙasa da yawa, kalmomi sukan koma gunaguni, ganga ta danne su, waƙar ta yi sanyi ko da an ƙara mata sauri. Lokaci ma yana da nasa: murya ba ta gama buɗewa da sassafe, ga ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaro, don haka waƙar da ta zauna daidai a F da yamma tana iya neman a rage mata taki ɗaya a sujadar safe.

Akwai waƙar da babu ki ɗin da zai cece ta. Daga A na ƙasa zuwa D na sama taki 17 ne, kuma duk waƙar da faɗinta ya wuce haka, in an ceto samanta ƙasanta zai nutse. Irin wannan a bar wa kwaya ayoyin, a ba jama'a korus idan shi yana cikin iyaka, ko a bar ta a matsayin waƙa ta musamman da ake saurara.

Malaman waƙa da makaɗa, da zarar kun sami ki ɗin da ya karɓi jama'arku, ku rubuta shi a gefen waƙar a littafi, domin duk wanda ya hau kibod mako mai zuwa ya fara daga nan. Waƙar da aka ce ta ikilisiya ce, da muryar mutanen benci ake auna ta.