Yadda ake auna sakan ɗaya cif a cikin maikrokantirola

A kan allon Arduino Uno akwai wata ƴar baƙar na'ura mai suna ATmega328P. Irinta ake kira maikrokantirola, wato ƙaramar kwamfuta da aka dunƙule a cikin ƙwaya ɗaya. Ba ta san sakan ba, ba ta san minti ba. Abin da ta sani shi ne bugun agogonta, wanda yake bugawa sau miliyan 16 a kowane sakan. Wanda yake son fitila ta riƙa ƙiftawa duk bayan sakan ɗaya, sai ya mayar da sakan ɗin nan lissafin bugu.

Mai wannan ƙidaya a cikinta shi ne taima. Babban cikinsu, Timer1, yana ƙirgawa daga 0 zuwa 65,535, daga nan ya koma sifili. In aka sakar masa bugun agogo kai tsaye, zai cika cikin kimanin kashi huɗu bisa dubu na sakan. Shi ya sa aka sa masa firiskela a gaba, wato mai raba bugu. Mai awon hatsi ba ya ƙirga ƙwayar gero, mudu yake ƙirgawa. Haka firiskela take tara bugu da yawa ta miƙa wa taima a matsayin ɗaya. Sai dai ba kowane mudu ake samu ba: a Timer1 zaɓi biyar ne kacal, 1, 8, 64, 256 da 1024.

Bari mu auna sakan ɗaya. In aka raba miliyan 16 da 64, za a samu 250,000, wanda ya fi ƙarfin taimar. Da 256 kuwa ana samun 62,500 daidai, ba ragowa, kuma ya shiga. Da 1024 ma yana fitowa daidai, 15,624 da ɗaya, wato 15,625. Ni nakan ɗauki mafi ƙanƙantar firiskelar da ta isa, domin taku nata ya fi siriri, gyara ya fi sauƙi daga baya.

Saura lambar kwatantawa. Ita ce ake ajiyewa a OCR1A, taima ya yi ta ƙirga har ya iske ta, sannan ya sanar ya koma sifili. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Taima daga sifili yake farawa, don haka daga 0 zuwa 62,499 taku 62,500 ne. Ƙa'idar ke nan:

```
OCR1A = (F_CPU / prescaler) * t - 1
```

```
TCCR1A = 0;
TCCR1B = (1 << WGM12) | (1 << CS12);
OCR1A  = 62499;
TIMSK1 = (1 << OCIE1A);
```

WGM12 ne yake sa taima ya koma sifili da kansa, CS12 kuma shi ya zaɓi 256.

Wani zai ce taku ɗaya ai ba komai ba ne. A wannan misali, wanda ya manta ragin ɗayan zai yi asarar ƙasa da sakan ɗaya da rabi a kwana guda. Amma a duba milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya bisa dubu na sakan, a kan Timer2 da ke tsayawa a 255. Da firiskela 64 taku 250 ake bukata, sai a rubuta 249. Wanda ya rubuta 250, agogonsa zai riƙa ja da baya da kusan minti shida kullum. Mafi muni shi ne zaɓen firiskelar da ba ta rabuwa daidai. Da 1024, milisakan ɗaya taku 15.625 ne, taima kuwa ba ya yin rabin taku. In aka cike shi zuwa 16, asarar ta kai kusan minti 34 a kwana. Ba a ganin wannan da ido a ƙiftawar fitila. Sai an bar na'urar ta kwana, da safe a gwada ƙidayarta da agogon waya.

Akwai kuskuren da shi ido yana kama shi nan take. Sabuwar ATmega328P da ba a taɓa saita ta ba tana fitowa daga masana'anta da bugu miliyan ɗaya a sakan. In aka loda mata lissafin miliyan 16, fitilar sai ta jira sakan 16 kafin ta motsa.

Ko da lissafi ya fita cif, iyakarsa ingancin abin da ke samar da bugun. A kan Uno ɗan ƙaramin seramik ne, wanda kan iya kaucewa da kimanin rabin kashi ɗaya bisa ɗari, zafi ma yana taɓa shi. Mai son gina agogon da zai yi watanni bai kauce ba, sai ya nemi kiristal na kwaz, ko ya haɗa da na'urar riƙe lokaci irin DS3231.